Yadda Ake Rufe Waƙa Ba Tare Da An Yi Mata Fashin Baƙi Ba

Yawancin rubutattun waƙoƙin da matasan Kaduna suke rerawa a taron marubuta, ko suke aikawa gidajen rediyo, suna ƙarewa ne baiti biyu ko uku bayan inda ya kamata su tsaya. Mawaƙi zai kawo labarinsa, ya zana hotonsa, ya taɓa zuciyar mai sauraro, sannan tsoro ya kama shi cewa wataƙila ba a gane ba, sai ya ƙara baitocin da za su faɗi abin da waƙar take nufi. Waɗannan baitoci su ne suke kashe ta, domin suna ƙwace wa mai sauraro aikin da ya riga ya fara yi da kansa, wato haɗa abin da ya ji da abin da ya sani. Hanyar gyara wannan tana da matakai, kuma zan bi su a kan waƙa guda ɗaya da na tsara domin wannan bayani, tun daga rubutunta na farko har zuwa inda ta tsaya da ƙafarta.

Sai dai akwai iyaka da ya wajaba a fara shatawa. Waƙar wa'azi da waƙar ilmantarwa, irin waɗanda malamanmu suka yi ta tsarawa tun ƙarni na 19 domin koyar da tauhidi ko farillan alwala ko lissafin taurari, aikinsu ke nan su bayyana, kuma babu laifi idan sun rufe da jan kunne a fili. Maganata a kan waƙar da take son a ji wani abu ce: ta'aziyya, bege, kewa, halin zaman gari, tsufa, talauci. A irin wannan waƙa ce bayani yake zama cikas.

Waƙar misalin 'yar ƙwar biyu ce, kowane ɗango yana da gaɓa 11 a kan karin Mutaƙarab, babban amsa-amonta kuma “ya” ne. Jigonta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, irin dattawan da duk wanda ya zauna a Kakuri ko Makera ya san su, tun da a wannan yanki aka buɗe babbar masaƙa ta farko a 1957, kuma yawancin masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000. Ga rubutun farko:

Ina da maƙwabci, masaƙi yake,
Yakan fita kullum da jin jiniya.

Ana nan ya je ya ga ƙofa rufe,
Kuɗin sallamarsa suna ajiya.

Da auren ɗiyarsa ya zo bana sai
Ya ce in raka shi cikin safiya.

A shagon atamfa ya ɗauki guda,
Ya murza da yatsa kamar dai jiya.

Ya juya ta, bakin ya duba da kyau,
Ya ninke, ya zaro kuɗi, ya biya.

Masaƙi ya koma sayen na waje,
Abin tausayi ne, batun gaskiya.

Ku ji ni, ku gane, ku ɗau darasi,
Ashe babu tabbas cikin duniya.

Mataki na farko shi ne ka rubuta jigon waƙarka cikin jimla ɗaya ta zube, a takarda dabam, da kalmomi mafi sauƙi. Jigon wannan waƙa shi ne: mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana saƙa wa ƙasa tufafi, ba a biya shi haƙƙinsa ba, yau shi ne yake sayen na waje da kuɗin aljihunsa. Amfanin wannan jimla shi ne ta zama ma'auni. Duk ɗangon da ya yi kama da ita a ƙarshen waƙa, to bayani ne ya shigo, ko da an sa masa kari da amsa-amo. Idan kuwa ka kasa rubuta jimlar, matsalarka ba ta marufi ba ce tukuna, domin ba ka riga ka san abin da waƙar take ɗauke da shi ba, kuma babu dabarar rufewa da za ta ceci waƙar da mai ita bai san inda ta dosa ba.

Mataki na biyu shi ne ka karanta waƙar daga ƙasa zuwa sama, baiti bayan baiti, kana yi wa kowanne tambaya ɗaya: shin akwai abin da ido zai gani, ko kunne ya ji, ko hannu ya taɓa a cikin wannan baiti? A baiti na bakwai babu komai sai darasi da tabbas da duniya, waɗanda babu mai iya nuna su da yatsa. A baiti na shida akwai tausayi da gaskiya, su ma haka. Sai a baiti na biyar ne za ka iske atamfa, da bakinta, da hannun da yake ninkewa, da kuɗi. Inda ka fara cin karo da abin gani, nan ne wurin da ya fi yiwuwa waƙar ta riga ta ƙare. Akwai kuma kalmomin da suke tona asirin baitin bayani tun daga nesa: ashe, lallai, wato, don haka, ku gane, darasi, abin tausayi, abin mamaki, haka rayuwa take. Ba haramun ba ne a yi amfani da su a waƙa, amma idan suka taru a baitoci biyu na ƙarshe, kusan kullum alama ce ta cewa mawaƙi ya daina nunawa ya koma sharhi.

A nan ya dace a tsaya a kan wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wato yadda amsa-amo da kansa yake jan mawaƙi zuwa wa'azi. Wanda ya zaɓi “ya” a matsayin babban amsa-amo, kalmomin da za su fara zuwa masa su ne duniya, gaskiya, zuciya, lafiya, dukiya, godiya. Dukkansu gaɓa uku ne, mai nauyi da marar nauyi da mai nauyi, wanda shi ne daidai abin da ƙarshen ɗangon Mutaƙarab yake buƙata, saboda haka suna faɗawa gurbinsu ba tare da an sha wahala ba. Mawaƙi yakan ɗauka cewa shi ya zaɓi ya rufe da duniya, alhali kari ne ya miƙo masa ita, ita kuma ta jawo “babu tabbas” a bayanta. Haka wanda ya zaɓi “wa” zai iske rayuwa da mutuwa da damuwa suna jiransa, wanda ya zaɓi “ci” kuma zai iske zalunci da mutunci da talauci. Maganin wannan shi ne, tun kafin ka kai rabin waƙa, ka jera kalmomin amsa-amonka a gefen takarda, ka raba su gida biyu, sunayen abubuwa da ayyuka a gefe guda, sunayen ra'ayi a ɗaya gefen, sannan ka ware kalma ɗaya daga gidan farko ka ajiye ta domin baitin ƙarshe, kada ka taɓa ta kafin nan. A wannan waƙa kalmar da aka ajiye ita ce “biya”, shi ya sa a baiti na biyu, inda ta fi sauƙin shiga, aka kauce mata aka sa “ajiya”.

Mataki na uku gajere ne: ka yanke. Ka cire baiti na shida da na bakwai gaba ɗaya, kada ka yi ƙoƙarin tace su ko ka rage su zuwa baiti ɗaya, domin bayanin da aka taƙaita bayani ne har yanzu.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa. Bayan ka yanke, ka duba ko baitocin da ka cire sun tafi da wani labari da waƙar ba za ta tsaya ba sai da shi. A misalinmu sun tafi da shi. Kalmar “na waje” a baiti na shida kaɗai take, saboda haka idan aka cire baitin, babu inda waƙar ta nuna cewa atamfar ba saƙar gida ba ce. Dattijon da ya yi aiki a Kakuri zai gane, domin ya san cewa a bakin atamfa ake buga sunan masu yin ta, ya kuma san abin da ake gani a wurin a yau. Amma yarinyar da aka haifa a Rigasa bayan rufe masaƙun za ta ji labarin wani tsoho da ya sayi zane ya biya, ta jira ci gaba, ta ga babu. Wannan rufewa ce da ta faɗi a banza, kuma kuskuren da ake yi a nan shi ne a ce ai ga shi, dole a mayar da bayanin. Gyaran yana can sama. Abin da mai sauraro yake buƙatar sani, a ba shi tun kafin ƙarshe, kuma a ba shi ta bakin wani ko ta hanyar wani abu da ya faru, kada ya fito daga bakin mawaƙi a matsayin hukunci. Don haka sai a saka sabon baiti tsakanin na huɗu da na biyar, a bar mai shago ya yi magana:

Da mai shi ya ce, “Baba, 'yar waje ce,
Akwai ta da sauƙi, a sa lafiya.”

Mai shagon bai san da wa yake magana ba, talla yake yi, kuma a ganinsa yabon kayansa yake. Wannan rashin sani nasa shi ne yake sa maganar ta yi zafi, domin mai sauraro ya san abin da mai shago bai sani ba. Yanzu idan tsohon ya juya bakin atamfar ya duba da kyau, kowa ya san abin da yake nema da abin da ya gani, kuma shirunsa ya zama amsa. Ka lura cewa adadin labarin bai ragu ba daga rubutun farko, wurinsa ne da mai faɗarsa suka sauya. Rufe waƙa kamar ɗaurin buhu ne: idan ba a zuba hatsin ba tukuna, kyan ɗauri ba ya amfana komai.

Ƙa'idar da za ka riƙe daga wannan mataki ita ce, baitin ƙarshe ba ya kawo sabon abu, yana taɓa abin da aka riga aka ajiye ne. “Ya biya” tana da nauyi saboda baiti na biyu ya gaya mana cewa shi ba a biya shi ba. “Ya duba da kyau” tana da nauyi saboda baiti na farko ya gaya mana sana'arsa. Idan ka ga ɗangonka na ƙarshe ba ya komawa ga komai a cikin waƙar, to ko dai ka ajiye masa abin da zai koma gare shi a baitocin farko, ko ka nemi wani ɗangon. Amma komawar ta kasance sau ɗaya, kuma a ɓoye. Da a ce an rubuta cewa wanda ba a biya ba shi ne ya biya, da an sake faɗawa ramin da aka fito.

Mataki na biyar shi ne ka tsare kanka daga bayanin da yake shigowa a ɓoye cikin siffar hoto. Mawaƙin da ya ji an ce ya rufe da abin gani yakan garzaya wurin hawaye, ya ce tsohon ya ninke atamfa hawaye na zuba, ko ya yi ajiyar zuciya, ko ya girgiza kai. Hawaye abin gani ne, gaskiya, amma aikinsa ɗaya ne da na “abin tausayi ne”, wato gaya wa mai sauraro abin da ya kamata ya ji. Haka nan faɗuwar rana, da tashin tsuntsaye, da gudun ruwan kogin Kaduna a ƙarƙashin gada, idan an jawo su a ɗangon ƙarshe alhali ba su cikin waƙar tun farko, ado ne da aka liƙa domin a ji kamar an ƙare. Yadda za ka gane irin wannan hoto shi ne ka ɗauke shi ka ɗora a ƙarshen wata waƙa dabam. Idan ya zauna daram a waƙar ta'aziyya da waƙar soyayya da waƙar kewar gida, to ba na waƙarka ba ne. “Ya ninke, ya zaro kuɗi, ya biya” ba zai iya rufe wata waƙa ba sai wannan, kuma abin da nake nema ke nan ga kowane marufi. A ra'ayina aikin da mutum ya yi da hannunsa, musamman aikin yau da kullum da ya yi a lokacin da ake tsammanin zai yi magana, ya fi kowane irin hoto ƙarfin rufe waƙa. Bayansa sai maganar wani da aka kawo yadda take ba tare da martani ba, sannan tambaya, muddin tambayar gaske ce wadda mawaƙin da kansa bai riƙe amsarta a aljihu ba. Tambaya irin ta “shin wannan adalci ne?” hukunci ce da aka sa wa alamar tambaya.

Mataki na shida ya shafi kunne, domin waƙar Hausa rerawa ake yi, kuma mai sauraro ba ya ganin inda takarda ta ƙare. Idan ka cire baitocin darasi, ka cire abin da ya saba ji a matsayin alamar kammalawa, saboda haka sauti ne zai ɗauki wannan aiki. Abu uku ne suke taimakawa. Na ɗaya, ɗangon ƙarshe ya cika karinsa ba tare da an ja wasali ko an haɗiye gaɓa ba. A tsakiyar waƙa kunne yana yafe ɗan tuntuɓe, amma a ɗangon ƙarshe ba ya yafewa. Na biyu, jimla ta ƙare tare da ɗango. Sabi-zarce irin na baiti na uku, inda “sai” ta rataye a ƙarshen ɗango tana tura mu gaba, yana da kyau a tsakiya domin yana hana mai sauraro zama, amma a ƙarshe ana son akasin haka. Na uku, kalmar da ta fi nauyin ma'ana ta zo a gurbin amsa-amo. Gwada ka juya ɗangon ka ce “ya biya, ya ninke, ya sa a jaka”, za ka ji yadda ƙarfin ya zube, domin abin da ya kamata ya zama bugun ƙarshe ya wuce tun a farko, sauran kuma sharar fage ce. Ka lura kuma da yadda ɗangon ya rabu gida uku da ɗan numfashi a tsakani, alhali ɗangogin farko suna tafiya a miƙe. Wannan sauyin tafiya yana sa mai rerawa ya rage gudu da kansa, kunne kuma ya fahimci cewa an iso.

Daga nan sai gwaji, wanda shi ne mataki na bakwai. Ka rera waƙar ga mutum biyu dabam-dabam, ɗaya wanda ya san duniyar da waƙar ta fito, ɗaya wanda bai sani ba, kuma kada ka yi musu shimfiɗa kafin ka fara. Idan ka gama ka yi shiru, kada ka tambaye su ko sun gane, ka tambaye su abin da ya faru a waƙar da abin da ya tsaya musu a rai. Idan mutum ya ce “sai me ya faru?”, akwai abin da ba ka ajiye a sama ba, ka koma mataki na huɗu. Idan ya riga ka faɗin ɗangon ƙarshe, ko ya fara gyara zama tun kana baiti biyu kafin ƙarshe, waƙar ta wuce wurin tsayawarta, ka koma mataki na biyu. Idan kuwa ya faɗi jigon da kalmominsa, ko da sun ɗan bambanta da jimlar da ka rubuta a mataki na farko, to marufin ya yi aikinsa. Bambancin ba aibi ba ne. Wani zai ce waƙar a kan haƙuri take, wani ya ce a kan mutuwar masana'antu, wani ya ce a kan uba da 'yarsa, kuma duk suna cikinta. Baitin “babu tabbas cikin duniya” da ya rage, da ya toshe dukkan waɗannan ya bar guda ɗaya, wadda kuma ita ce mafi rauni.

Saura tambayar da duk wanda ya tashi cikin al'adar rubutacciyar waƙa zai yi: ina matsayin marufin gargajiya, wato hamdala da salati da “tammat”, da ambaton sunan mawaƙi, da yawan baitoci, da ramzin shekara? Ban ga dalilin da zai sa a yar da shi ba, kuma wanda yake son rufe waƙarsa da godiya ga Allah ya yi hakan da zuciya ɗaya. Abin kiyayewa shi ne a gane cewa rufewa biyu ce. Akwai rufewar jigo, akwai rufewar waƙa, kuma duk abin da aka faɗa a sama ya shafi ta farko ne. Baitin “ya biya” ya tsaya a matsayin ƙarshen jigo, a ɗan numfasa, sannan hamdala ta biyo baya a matsayinta na hamdala. Ɓarna tana faruwa ne idan aka cusa sharhin jigo cikin addu'a, aka ce Allah ka ji ƙan masaƙan da aka zalunta suka koma sayen na waje, domin a nan baiti na shida ne ya dawo sanye da rigar addu'a. Marufin ya zama gajere, baiti ɗaya ko biyu, kuma kada ya ambaci masaƙa ko atamfa ko kaɗan. Mai sauraron Hausa ya saba da wannan tsari, yana jin “tammat” ya san an fita daga labari, don haka ba ta goge abin da ya gabace ta.

Wuri na ƙarshe da bayanin da aka kora yakan ɓuya shi ne sunan waƙa da kuma bakin mawaƙi a wurin taro. Idan ka cire darasi daga ƙasa ka mayar da shi sama, ka kira waƙar “Rashin Tabbas” ko “Zaluncin Zamani”, mai sauraro zai shiga da amsa a hannu, baitocin kuma su zama hujjoji kawai. Suna irin “Maƙwabcina” ko “Bakin Atamfa” ya isa, na biyun ma yana da ƙarin amfani domin yana sa kunne ya jira wurin da bakin atamfar zai fito. A wurin rerawa kuma, ko a zauren taro ne ko a gaban makirufo, idan akwai abin da ya wajaba a sani, kamar cewa Kakuri unguwar masaƙu ce, ka faɗe shi cikin jimla ɗaya kafin ka fara. Idan ka kai ɗangon ƙarshe, ka rera shi da muryar da ka rera sauran, kada ka ɗaga ta ko ka karya ta don nuna cewa nan ne wurin jin tausayi, sannan ka sauke takardar ka koma wurin zamanka ba tare da ka ce “abin da nake nufi a nan” ba.